Idan Dala Ta Motsa Tsakanin Dawanau Da Apapa, Wa Zai Ɗauki Asarar?

A cikin watan Fabrairun 2024 dala ɗaya ta haura naira 1,500 a kasuwar hukuma, a hannun 'yan canjin Wapa kuwa ta kusa taɓa 1,900. Kafin tsakiyar Afrilu ta rikito ƙasa da 1,200. Da Mayu ya kama, sai ga ta kuma ta sake komawa wajen 1,500. Duk wannan a cikin wata uku. Talaka ya yi murna da saukar ta Afrilu, don yana sa ran shinkafa da magani za su yi sauƙi. Amma akwai wanda a makon nan ko barcin kirki bai yi ba: mai fitar da kaya waje, wanda ya sayi riɗi ko zoɓo a Dawanau da tsadar Fabrairu, ya yanka wa baƙonsa farashi da dala, kuɗin kuma ba su shigo ba sai a Afrilu. Dalar da aka yi masa alkawari ta zo cif, ba a rage masa ko sisi ba. Da ya canza ta ne ya ga ba ta ko mayar masa da uwar kuɗinsa ba.

Yawancin mutane sun ɗauka mai sayarwa da dala kullum cikin riba yake, tunda an saba ganin naira tana faɗuwa. Tun daga ranar 14 ga Yunin 2023, lokacin da Babban Bankin Najeriya ya sakar wa kasuwa farashin canji, dala ta tashi daga wajen naira 460 zuwa sama da 700 cikin 'yan makonni, lissafin ya daina tafiya ta hanya ɗaya. Naira tana iya faɗuwa, tana kuma iya farfaɗowa bagatatan. Shi ya sa ya kamata duk mai rubuta takardar tayin farashi ga mai saye na ƙasar waje ya san wani sharaɗi da 'yan kasuwar duniya suka daɗe suna amfani da shi: sharaɗin hawa da saukar canji. A taƙaice, yarjejeniya ce da ke cewa farashin nan an gina shi a kan canji kaza, idan canjin ya kauce da yawa kafin a loda kaya, za a gyara farashin ta wata hanya da aka amince da ita tun farko.

Bari mu ɗauki misali ɗaya mu bi shi har ƙarshe. Alƙaluman na misali ne, amma tsarin haka yake.

A ce wani Alhaji mai kamfanin fitar da riɗi a Kano ya sami mai saye a Mersin ta ƙasar Turkiyya. Ana son kwantena biyar masu ƙafa ashirin, kowace tana ɗaukar tan 19, jimla tan 95. Ya yi tayin dala 1,600 kowane tan a kan FOB Legas, wato alhakinsa ya ƙare da zarar kaya sun hau jirgin ruwa, kuɗin jirgi da inshora na mai saye ne. Jimlar ciniki dala 152,000. A ranar da ya yi lissafi dala tana naira 1,500, saboda haka kowane tan zai kawo masa naira 2,400,000. Abin da zai kashe kuwa: riɗin kansa naira miliyan biyu a kan tan, sannan injin tsaftacewa, buhuna, 'yan dako, la'adar dillali, tirela zuwa Legas, takardun gwaji da na kwastan da kuɗin tasha, su kuma naira 250,000. Gaba ɗaya 2,250,000. Ribarsa naira 150,000 a kan tan, kashi shida da ɗoriya cikin ɗari.

To a lura da wannan ribar, don a nan maganar take. Tsakanin ranar da aka ƙulla ciniki da ranar da kwantena za ta hau jirgi, wata ɗaya zuwa biyu ba abin mamaki ba ne, idan aka haɗa da sayen kaya, tsaftacewa, doguwar hanyar Legas da jiran layi a tasha. Idan a cikin wannan lokaci dala ta sauko daga 1,500 zuwa 1,350, wato kashi goma cikin ɗari, tan ɗin Alhaji ya koma naira 2,160,000. Ribar ta tafi, ga kuma asarar naira 90,000 a kan kowane tan. A tan 95, naira miliyan takwas da dubu ɗari biyar da hamsin ke nan. Bai yi sakaci ba, kayansa masu kyau ne, baƙonsa ya biya a kan lokaci. Motsin kashi goma ne kawai ya fi ƙarfin ribar kashi shida.

Abin da ake rubutawa a takardar

Kuskuren da aka fi yi shi ne a rubuta layi ɗaya a ƙasan takarda cewa farashi zai iya canzawa idan canji ya canza. Wannan ba sharaɗi ba ne, neman rigima ne. Wane canji? Na wace rana? Wa zai faɗe shi? Mai saye mai hankali ba zai sa hannu a kan wannan ba, idan ma ya sa, ranar da aka zo neman ƙari zai ce bai san zancen ba. Sharaɗin kirki sai ya zama idan aka miƙa shi ga akawun da bai san Alhaji ba, bai san Baturke ba, zai zauna da kalkuleta ya fitar da adadi ɗaya tak.

Abu na farko shi ne canjin tushe, wato farashin dala da aka gina tayin a kansa. A rubuta shi da lamba, da ranarsa: naira 1,500 kowace dala. Na biyu, kuma wanda ya fi jawo gardama, shi ne inda za a duba canjin. Alhaji zai so a ce farashin Wapa, don shi ne yake ji a kunnensa kullum. Ba zai yiwu ba. Mutumin Mersin ba shi da hanyar tabbatar da abin da ɗan canji ya faɗa a waya, kuma kuɗin kayan da aka fitar bisa ƙa'ida ta banki suke shigowa, a kan fom ɗin NXP, a kasuwar hukuma ake sayar da su. Saboda haka ma'aunin da ya dace shi ne wanda Babban Banki ke wallafawa a shafinsa a ƙarƙashin sunan NFEM, wanda kowa zai iya buɗewa daga ko'ina ya gani da idonsa. A nan ma a yi hattara, don shafin yakan nuna lamba fiye da ɗaya a rana guda: mafi sama, mafi ƙasa, ta rufewa, da matsakaiciya. A faɗi wadda ake nufi. Kuma tunda sunan kasuwar ya sauya sau biyu cikin 'yan shekarun nan, daga I&E zuwa NAFEM zuwa NFEM, yana da kyau a ƙara cewa idan aka daina wallafa wannan, za a bi duk wanda Babban Banki ya maye gurbinsa da shi.

Na uku shi ne gibin da ba a taɓawa. Canji kullum yana ɗan rawa, kuma ba wanda ke son a sake lissafi saboda naira biyar ko goma. Sai a ce muddin motsin bai wuce kashi uku cikin ɗari ba, sama ko ƙasa, farashi yana nan daram. A misalinmu, daga naira 1,455 zuwa 1,545 ke nan. Yadda ake zaɓar faɗin gibin ba camfi ba ne: a dubi riba. Mai ribar kashi shida zai iya haɗiye uku ya rage da wani abu. Idan ya yarda da gibin kashi bakwai don ya faranta wa baƙo rai, to sharaɗin ba zai fara aiki ba sai bayan ya riga ya shiga asara.

Sai rabon abin da ya haura gibin. Akwai masu ɗora wa mai saye duka, amma da wuya a sami mai yarda. Abin da ya fi karɓuwa shi ne a raba biyu. Lissafin ga shi:

```
motsi = (1500 − sabon canji) ÷ 1500 × 100
gyara = (motsi − 3) ÷ 2
sabon farashi = 1600 × (1 + gyara ÷ 100)
```

Idan dala ce ta hau, haka ake yi da girman motsin, sai dai a rage maimakon a ƙara. Mu gwada da saukar nan zuwa 1,350. Motsi kashi goma. A cire uku na gibi, saura bakwai. Rabinsa uku da rabi. Kashi uku da rabi na dala 1,600 shi ne dala 56, sabon farashi ya zama 1,656. Idan aka canza a kan 1,350, tan ya kawo naira 2,235,600. Har yanzu akwai asara, naira 14,400 a kan tan, jimla 1,368,000. Amma tsakanin asarar miliyan ɗaya da ɗoriya da ta miliyan takwas da rabi akwai bambancin mai sake shiga kasuwa baɗi da wanda ya sayar da motarsa don ya biya dillalai. Duk wanda ya ce maka sharaɗin nan zai tsare maka riba kaf, bai zauna ya buga lissafin ba. Rage zafin faɗuwa yake yi.

Akwai ma wani ɗan abu da ke ɓoye a cikin lambobin. Da a ce Alhaji yana son ya dawo da nairarsa 2,400,000 cif a kan canjin 1,350, ƙarin kashi goma ba zai isa ba, sai dala 1,778, wato ƙarin kashi goma sha ɗaya da ɗigo ɗaya. Shi ya sa ake rubuta hanyar lissafin ƙarara tare da misali a cikin takardar. Idan aka bar ta a baki, akawu biyu masu gaskiya za su iya fitar da amsa biyu, kowa kuma yana ganin ɗayan ne ke son cutarsa.

Saura abu biyu. Ɗaya shi ne ranar duba canji. Mafi sauƙi a ɗaure ta da ranar da ke kan takardar lodin jirgi, don kamfanin jirgi ne ke buga ta, ba Alhaji ba, ba baƙonsa ba. Don kada tsautsayin rana ɗaya ya yanke hukunci, sai a ɗauki matsakaicin kwanakin aiki biyar da suka gabaci ranar. Ɗayan shi ne iyaka. A ce idan motsin ya wuce kashi 15, wato dala ta sauka ƙasa da 1,275 ko ta haura 1,725, gyaran ba zai wuce inda ya kai ba, ɓangarorin biyu za su tattauna cikin kwanakin aiki biyar, idan ba a daidaita ba kowa na da damar janyewa daga kwantenar da ba a loda ba tukuna. Da wannan iyakar, gyara mafi girma kashi shida ne, dala 96 a kan tan. Farashi ba zai taɓa wuce 1,696 ba, ba zai sauka ƙasa da 1,504 ba.

Da Turanci akasari ake rubuta irin wannan takarda, kuma yana da kyau lauya ko jami'in banki da ya san harkar ya duba kalmomin kafin a tura. Amma ma'anar ba ta wuce sakin layi ɗaya: an gina farashin a kan canji kaza na rana kaza, daga shafi kaza, ba gyara a cikin kashi uku, abin da ya haura a raba biyu, sama ko ƙasa, ranar dubawa kaza, iyaka kaza, ga misali.

Tarkon da ke cikinsa

Sharaɗin dole ya yi aiki ta fuska biyu. Ba mai saye da zai yarda a ƙara masa idan naira ta yi ƙarfi, amma a yi shiru idan ta faɗi. To mu juya misalin. Dala ta hau zuwa 1,650. Farashi ya sauka da dala 56, ya koma 1,544. Idan Alhaji ya riga ya sayi riɗinsa yana sito, ba abin kuka: tan zai kawo naira 2,547,600, riba 297,600, kusan ninki biyu na abin da ya sa rai, duk da ragin da ya yi wa baƙo.

Amma idan bai saya ba fa? Duk wanda ya taɓa zama a Dawanau ya san riɗi kayan dala ne. Da safe a ji dala ta motsa, kafin la'asar dillali ya ce maka, “Alhaji, ai farashin jiya ya tafi da jiya.” Manomin Maigatari ma yanzu yana da waya. A ce riɗin ya bi dala ya hau da kashi goma, daga miliyan biyu zuwa 2,200,000. Abin da Alhaji zai kashe ya zama 2,450,000. Da ba sharaɗi, zai karɓi dala 1,600 a kan 1,650, wato 2,640,000, ya ci ribar 190,000. Da sharaɗin kuwa, ribar ta koma 97,600. Ya sayi kaya da tsada, sannan takardar da ya rubuta da hannunsa ta tilasta masa ragi. Ga mari ga tsinka jaka.

Dalilin abin a fili yake. Kafin a sayi kaya, farashin riɗi da farashin dala tare suke tafiya, ɗaya yana kare ɗaya. Haɗarin gaske yana farawa ne a ranar da naira ta fita daga hannu ta zama buhuna a sito. Daga ranar an kulle abin da aka kashe, abin da za a karɓa kuma yana lilo. Saboda haka a ganina ba daidai ba ne a ɗaure canjin tushe da ranar da aka tura tayin farashi, kamar yadda wasu ke yi. A ɗaure shi da ranar da kuɗin kafin alƙalami suka shigo, a kuma shiga kasuwa a saye kayan cikin kwanakin nan ba tare da jan ƙafa ba. Tsakanin tura tayi da amsar mai saye kuwa, maganin daban ne kuma ya fi sauƙi: a gajarta wa'adin tayin. A rubuta cewa farashin nan na kwana uku ne ko biyar, bayan haka sai an sake tambaya. Tayin da aka bari a buɗe har kwana talatin kyauta ce ga mai saye, zai riƙe shi yana kallon kasuwa, ya amsa a ranar da ta yi masa daɗi.

Kafin alƙalamin ma yana sauya lissafi. Idan baƙo ya biya kashi 30 tun farko, dala 45,600, an canza an sayi kaya da su, to waɗannan sun fita daga haɗari. Adalci shi ne gyaran ya hau kan ragowar dala 106,400 kaɗai. Kashi uku da rabi na wannan dala 3,724 ne, maimakon 5,320 da zai zama idan an ɗora a kan duka. Haka kuma idan tayin na CFR ne, wanda mai sayarwa ke biyan kuɗin jirgi, sai a ware kuɗin jirgin a gefe, don da ma da dala ake biyansa, motsin naira bai shafe shi ba. Mai saye da ya ga ka cire waɗannan da kanka tun bai tambaya ba, zai fi sauraron sauran bayaninka.

Yadda za a fahimtar da mai saye

Amsar farko da za a samu kusan kullum iri ɗaya ce: ni da dala nake saye, naira matsalarka ce, ga masu riɗi a Sudan da Habasha da Tanzaniya suna ba ni tsayayyen farashi. Kuma gaskiya ya faɗa. Shi ma yana da nasa ciwon kan, don da lira zai sayar wa masu yin tahini da alawar riɗi, lira kuwa ta sha faɗuwa a shekarun nan. Kukan halin da Najeriya ke ciki ba zai motsa shi ba. Abin da zai motsa shi lamba ce.

Hanya mafi inganci ita ce a ba shi zaɓi biyu a takarda ɗaya. Tsayayyen farashi, a ce dala 1,640, wanda Alhaji ya cusa ladan ɗaukar haɗari a ciki, ko kuma 1,600 tare da sharaɗin. Bayanin zai iya zama kamar haka: “Yallaɓai, riɗin nan da naira nake sayensa, kai kuma da dala za ka biya ni bayan wata ɗaya ko fiye. Idan kana son farashin da ba ya motsi, sai na ƙara dala 40 don in kare kaina, kuma za ka biya wannan ko canji ya motsa ko bai motsa ba. Idan ka ɗauki ɗayan, muddin canji na tsakanin 1,455 da 1,545, dala 1,600 za ka biya, ka tsira da 3,800 a kan kwantena biyar. Idan naira ta faɗi, ni zan rage maka. Idan ta tashi, mu raba. Kome ya faru ba za ka biya fiye da 1,696 ba.”

Jumlar ƙarshen nan ita ce wadda yake jira. Mai saye ba ya tsoron ƙari kamar yadda yake tsoron ƙarin da bai san iyakarsa ba, don shi ma sai ya yanka wa nasa abokan cinikin farashi, ya kuma nemi kuɗi a bankinsa. Da ya san jimlar ba za ta wuce dala 161,120 ba, ya sami abin da zai yi lissafi a kai. A haɗa masa da ɗan jadawali mai layi biyar: a kan 1,275 farashi 1,696, a kan 1,350 farashi 1,656, a kan 1,500 farashi 1,600, a kan 1,650 farashi 1,544, a kan 1,725 farashi 1,504. A tura masa adireshin shafin Babban Banki, a ce ya buɗe yanzu ya karanto lambar yau. Idan ya karanto ta daidai da wadda ke gaban Alhaji, rabin shakkarsa ta tafi. Zai kuma iya gano da kansa inda zaɓin biyu suka haɗu: sai dala ta sauka da kashi takwas, zuwa 1,380, kafin farashin mai sharaɗi ya kai 1,640.

Akwai wata hujja da ba a cika son furtawa ba, amma masu saye sun san ta sarai. Idan canji ya juya wa mai sayarwa baya da ƙarfi, wasu sukan ɓace, waya a kashe, ko su fara kawo uzuri, ko su cika buhu da kayan da ba su kai ba. Mai sayen da ya taɓa jiran kwantenar da ba ta zo ba ya san dala 56 a kan tan ta fi masa arha a kan injinan da ke tsaye ba riɗi. Ana iya faɗa masa wannan cikin ladabi, ba da sigar barazana ba: sharaɗin yana sa cika alkawari ya kasance abin da za a iya yi ko a mummunan wata.

Kada a ɓoye sharaɗin a ƙananan haruffa a shafi na uku. A sa shi dab da farashi, a yi maganarsa a waya, sannan a nemi ya sa hannu a kan misalin lissafin. Kuma a tabbata ya shiga kwantiragin ƙarshe. Sau da yawa mai saye yakan amsa tayi da tasa takardar odar mai ɗauke da nasa sharuɗɗan, inda aka rubuta tsayayyen farashi. Idan Alhaji ya sa hannu a kanta bai karanta ba, sharaɗinsa ya mutu a tayin.

Banki ba ya karanta kwantiragi

Idan ta wasiƙar lamunin banki za a biya, wadda 'yan harkar ke kira elsi, akwai wani shinge. Ƙa'idojin UCP 600 da bankunan duniya ke bi sun ce banki da takardu yake aiki, ba ruwansa da abin da ke cikin kwantiragin saye da sayarwa. Idan wasiƙar ta ce dala 1,600 kowane tan, jimla 152,000, aka kai takardar neman biya mai 1,656, banki zai ce takardu sun saɓa, ya ƙi biya. Gyara wasiƙar daga baya kuma sai mai saye ya nema, bankinsa ya yarda, a daidai lokacin da gyaran ke nufin ƙarin kuɗi daga aljihunsa. Don haka tun wajen buɗe ta a nemi a cike gurbin 39A da sassaucin kashi shida sama da ƙasa, a kuma rubuta a jikinta cewa farashin tan zai iya kasancewa tsakanin 1,504 da 1,696. Sassaucin jimla kaɗai ba ya buɗe farashin tan. Idan bankin ya ƙi, sai a bar wasiƙar a kan 1,600, a biya bambancin daban da takardar ƙari ko ta ragi, ko a zuba shi a lissafin kwantena ta gaba.

A gida ma akwai takarda. Ƙa'idar Babban Banki ita ce kuɗin kayan da ba man fetur ba su dawo cikin kwana 180 daga ranar takardar lodin jirgi, kuma ana gwada abin da ya shigo da abin da ke kan NXP. Idan sharaɗin ya sa an yi ragi, kuɗin da suka shigo za su gaza abin da aka rubuta, kuma za a tambayi dalili. A kai wa jami'in banki kwafin kwantiragin tun ranar buɗe fom, ya san da maganar, a kuma adana hoton shafin Babban Banki na kwanakin nan biyar.

Wani mai karatu zai tambayi hukuncin abin a shari'a, tunda sanin farashi yana cikin sharuɗɗan ciniki a fiƙihu. Tambaya ce mai kyau, kuma idan za a kai wa malami, a kai masa takardar kanta, ya ga cewa akwai tushe sananne, ma'auni da ba ya hannun kowa, da iyaka sama da ƙasa, ba wai a ce masa kawai farashi zai iya canzawa ba.

Ba kowane ciniki ne ke buƙatar wannan ba. Kwantena ɗaya da kayanta ke sito, za a loda cikin mako biyu, gajeren wa'adi da kafin alƙalami mai kauri sun isa, kuma baƙon da kuka fara haɗuwa da shi da wuya ya karɓi wani abu da ya wuce haka. Wanda bankinsa ya yarda ya saye masa dalar da ke tafe a kan farashin da aka yanka yau, shi ma ya rufe ƙofar ta wata hanya, bai buƙatar ya dami mai saye. Ɗan kasuwar Maraɗi ko Damagaram da ke tayi da yuro ba shi da wannan damuwa ko kaɗan, don tun 1999 sefa tana ɗaure da yuro a kan 655.957. Idan da dala ya yi tayin ne abin ya shafe shi, kuma ma'auninsa sai ya zama canjin yuro da dala da Babban Bankin Turai ke wallafawa kowace ranar aiki. Inda sharaɗin ya fi amfani shi ne kwantiragin kaka guda, wanda za a riƙa loda kwantena biyar-biyar daga Nuwamba zuwa Maris. A irin wannan, kowane lodi a yi masa nasa canjin tushe a ranar da kafin alƙalaminsa ya shigo, da nasa lissafin a ranar da ya hau jirgi.